Yadda ake shirya wa yaro shiga siziyam tun da aka dawo da jarrabawar satifika

Tun shekarar 2024 aka dawo da jarrabawar ƙarshen firamare, CFEPD, wadda mutane suka fi sani da satifika, bayan ta yi kusan shekara goma ba a yin ta. A wancan tsakanin makin da ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya tara a kompozisiyon cikin shekara shi ke wuce da shi siziyam, ajin farko na kwaleji, kuma kusan komai a cikin makarantarsu yake ƙarewa. Shi ya sa uwar da ta ga manyan ƴaƴanta sun shiga kwaleji ba tare da an neme ta ba, yau take mamaki da aka aiko a ce ta kawo takardar haihuwa da hotuna. Yanzu yaro zai zauna jarrabawa a cibiyar da hukuma ta keɓe, tare da yaran wasu makarantu, kuma ba malaminsa ne zai gyara takardarsa ba. Ƴan makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci su ma suna da tasu, CEPE/FA, kuma shirin takardunsu ɗaya ne da wanda zan bayyana.

Na daɗe ina haɗa dosiyen ƴan CM2 a nan Tawa, kuma abin da na fi gani yana wahalar da iyaye takarda ce. Sunan yaro yanzu yana fita daga rajistan makaranta ya hau jerin hukuma, daga nan ya hau satifika, kuma yadda aka rubuta shi a wannan karon haka zai bi yaron har BEPC da Bak. Don haka yawancin bayanina a kan takarda zai tsaya.

Abin da za ku tanada

- Takardar haihuwar yaro ta asali. Idan babu, ko ba ku tabbata wadda ke hannunku ita ce ba, mataki na 2 da na 3 naku ne.
- Katin awon ciki ko katin rigakafin yaro, ko da ya tsufa ya yage. Yana taimakawa wajen gano ranar haihuwa ta gaskiya.
- Katin shaidar ɗan ƙasa na uba, ko na uwa, ko na wanda ke riƙon yaron.
- Ƙananan hotuna irin na kati, sababbi. Darakta zai faɗa muku nawa ake so, ku kuma ku wanko da ƙari, don kwaleji ma za ta nema.
- Takardar shaidar karatu daga tsohuwar makaranta, idan yaron ya taɓa canza makaranta.
- Jakar roba mai maɓalli ko leda mai kauri, da ɗan ƙaramin littafi na rubuta ranaku da lambobi.
- Ɗan kuɗi a gefe na fotokofi, tambur, hoto, da na mota idan a wani gari aka haifi yaron.

1. Ku je makaranta tun watan farko

Makarantu kan buɗe a watan Oktoba, ko da yake a 2024 ambaliya ta sa aka jinkirta har 28 ga watan. Duk ranar da aka buɗe, kada wata ɗaya ya cika ba ku taka ƙafa kun ga darakta ko malamin CM2 ba. Jarrabawar sai ƙarshen shekarar karatu ake yin ta, amma karɓar dosiye ana rufe shi watanni kafin nan, domin sai makaranta ta kai sunaye ofishin sufeto, sufeto kuma ya tura gaba. Wanda ya jira sai zafin Afrilu ya fara neman takarda ya makara.

Tambayoyi uku za ku yi. Waɗanne takardu ake so bana? Wace rana ce ta ƙarshe ta karɓa? Yaya aka rubuta sunan yarona da ranar haihuwarsa a rajistan makaranta? Ta ukun ita ce iyaye ba sa yi, alhali ta fi sauran amfani. Ku roƙi a nuna muku layin, ko a kwafe muku shi a ɗan littafinku harafi da harafi. Ba rashin kunya ba ne. Idan kun ce, "Mushe, don Allah a nuna mini yadda sunan ɗana yake a rajista," duk daraktan da ya san aikinsa zai ji daɗi, don kun rage masa wahalar gobe.

Idan maigida yana wajen bida, a Abijan ko Libiya ko Najeriya, kamar yadda gidaje da yawa suke a Adar, kada a ce sai ya dawo. Uwa na iya zuwa, baffa ko kawu na iya zuwa. Abin da ake so shi ne mutum ɗaya ya riƙe maganar daga farko har ƙarshe, kuma makaranta ta san lambar wayarsa.

2. Ku tabbata abin da ke hannunku takardar haihuwa ce

Iyaye mata da yawa kan zo mini da takarda a naɗe cikin leda, an adana ta a ƙasan akwati shekara goma sha biyu, su ce ga takardar haihuwa. In na buɗe sai in tarar katin awo ne, ko ƴar takardar da aka ba su a likita ranar da aka sallame su. Wannan shaida ce cewa an haihu a can, amma ba ita hukuma ke karɓa a dosiye ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan aka haihu a likita, ko aka je wurin mai rubuta haihuwa na ƙauye ko na unguwa, ana cika sanarwar haihuwa. Ita sanarwar ana kai ta ma'aikatar magajin gari, a can ake shigar da ita babban rajista, a sa hannu, a buga hatimi, sannan a fitar da takardar haihuwa. Sai iyaye sun koma sun karɓo ta. Takarda ta gaske za ku ga sunan ma'aikatar magajin garin a samanta, da lambarta da shekararta, da sunan yaro da na uba da na uwa, da rana da wurin haihuwa, sannan sa hannun jami'i da hatimi a ƙasa. Idan babu lamba ko babu hatimin magajin gari, ba ita ba ce.

Wanda ba ya karanta boko ya kai wa malamin makaranta ya duba masa. Duban bai fi na minti biyu ba.

3. Idan babu: magajin gari tukuna, sannan alƙali

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ruga gidan shari'a kai tsaye. Ku fara da ma'aikatar magajin garin da aka haifi yaron, ba ta inda kuke zaune yanzu ba. A cikin birnin Tawa ma'aikatun biyu ne, ta da'ira ta ɗaya da ta biyu, don haka ku tuna a wace likita ko wace unguwa aka haihu. Ku tafi da katin awo da sunan uwa, da shekara da watan haihuwa. Sau da yawa takardar tana can kwance tun shekarar da aka haifi yaron, ba wanda ya zo karɓa. Idan aka same ta, kun huta da shari'a gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, idan yaro yana da takarda a rajista kuka je kuka yi masa wata ta alƙali, ya zama mai takardar haihuwa biyu. Da wuya su biyun su zo daidai a suna da rana, kuma wata rana sai sun haɗu a teburin wani jami'i, ranar neman takardar zama ɗan ƙasa ko fasfo.

Idan an bincika an tabbatar ba a taɓa rubuta haihuwar ba, to wa'adin sanarwa ya wuce tuntuni. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60, kuma a lokacin da aka haifi ƴan CM2 na yanzu wa'adin bai ma kai haka ba. Bayan wa'adi magajin gari ba shi da ikon rubuta haihuwa da kansa, sai da hukuncin alƙali. Za ku je gidan shari'ar yankin da aka haifi yaron. Idan a Keita ne ko Buza ko Madawa ko Ƙonni, can za ku nufa. Ku tafi da shaidu biyu, manya masu katin shaida, waɗanda suka san haihuwar da gaske: kawu, maƙwabci, ungozoma, wanda ya halarci suna. Alƙali ko magatakarda zai tambaye su sunan yaro, sunan iyaye, wuri da lokacin haihuwa.

Kafin ku shiga, ku rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa a takarda, yadda kuke so a rubuta, ku miƙa. Kada ku bar magatakarda ya rubuta da kunne. Idan kun ce Mahamadu da baki, yana iya rubuta Mahamadou, ko Mohamed, ko Mahamane, duk kuma a wurin hukuma mutane daban-daban ne. Tunda yaron ya riga ya yi shekaru a makaranta, ku ɗauki rubutun da ke rajistan makaranta in dai ba kuskure a cikinsa.

Bayan hukunci ya fito aiki bai ƙare ba. Sai an kai shi ma'aikatar magajin gari an shigar da shi rajista, sannan a fitar muku da takardar haihuwa. Ku tambaya a gidan shari'ar ko su ke turawa ko ku za ku kai da hannunku, ku rubuta ranar da aka ce ku dawo. Wannan kai-komon yana iya cin makonni, musamman idan alƙali na da shari'o'i da yawa a gabansa, shi ya sa na ce tun Oktoba.

Akwai hanya mai sauƙi ga wanda ya dace. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita garuruwa da makarantu su yi zama na musamman don yi wa yara takardun haihuwa a taro ɗaya. Ku tambayi darakta ko mai gari ko an shirya irin wannan zaman bana, ku sa sunan ɗanku. Amma idan ba a tsai da rana ba, kada ku zauna jira, ku bi ta gidan shari'a.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Na farko, ƴan tsaye a bakin ƙofa masu cewa kawo jaka kaza in fito maka da ita gobe. Takardar da ba ta cikin rajista takarda ce kawai, ko da hatimi goma ne a kanta. Na biyu, rage shekaru. Wasu kan ce tunda za a yi sabuwa bari a rage wa yaro shekara biyu don ya daɗe yana cin moriya. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Rajistan makaranta yana ɗauke da shekarar da ya shiga CI, katin rigakafi yana nan, kuma yaron da takardarsa ta nuna ya shiga makaranta yana ɗan shekara huɗu zai jawo tambayar da ba ku da amsarta.

Yaron da aka haifa a waje, a ce Abijan, yana da takardar haihuwar can, ita za ku kai wa darakta. Kada a je a yi masa wata a ce a Tawa aka haife shi.

4. Ku gwama takarda da rajista, harafi da harafi

Takarda ta zo hannu. Yanzu ku ajiye ta gefe da abin da kuka kwafo daga rajistan makaranta, ku duba abu biyar: sunan yaro, sunan uba, ranar haihuwa, wurin haihuwa, da ko an rubuta namiji ne ko mace. Na ƙarshen yana ba mutane dariya, amma ana samun kuskure a wurin.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira, irin wanda ake yawan gani. Yarinya ce aka haifa a wani ƙauye na yankin Illela, aka kawo ta Tawa wurin gwaggonta tana ƙarama. Ranar da za a sa ta CI babu takarda, gwaggo ta faɗi suna da baki, ta ƙiyasta shekara. Malami ya rubuta Ramatou Issoufou, haihuwar 2013, wurin haihuwa Tahoua. Haka ta yi ta tafiya har CM2. Da aka nemi dosiye, kawunta ya je ma'aikatar magajin garin can ƙauyensu da katin awon uwarta, sai ga takarda kwance: Rahamatou Youssouf, 14 ga Nuwamba 2012, wurin haihuwa sunan ƙauyen. Bambanci huɗu ke nan tsakanin takardun biyu, alhali yarinya ɗaya ce.

Wanne za a gyara? Rajistan makaranta. Takardar haihuwa ita ce tushe, makaranta ce ke bin ta. Gwaggo za ta kai wa darakta takardar ta asali da kwafinta, ya gyara rajista da katin ɗan makaranta, ya rubuta sunan a jerin masu jarrabawa kamar yadda yake a takardar. Sannan a zaunar da yarinyar a koya mata cewa daga yau Rahamatou Youssouf za ta riƙa rubutawa a kan littattafanta da takardun kompozisiyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hannun da ya saba da rubutu ɗaya shekara biyar, ranar jarrabawa cikin ruɗewa tsohon sunan zai rubuta. A ba ta watanni ta saba.

Da a ce kawu bai je ba, aka yi mata takardar alƙali a Tawa da sunan rajistan makaranta, da dosiye ya wuce lafiya bana, amma ta zama mai takarda biyu, da shekarar haihuwa biyu, da garin haihuwa biyu.

Wani lokaci kuma takardar haihuwar ce da kanta ke da kuskure, misali an rubuta sunan kaka a gurbin na uba, ko an sa namiji alhali mace ce. Wannan darakta ba ya iya taɓa shi. Kada kuma wani ya sa biro ko farin ruwan gogewa a kai, domin takardar da aka kankare ta lalace ke nan. Ku koma ma'aikatar da ta bayar da ita, su duba babban rajista. Idan wajen kwafowa aka yi kuskuren, za su fitar da wata daidai. Idan a rajistan kansa yake, gyaran sai ta hannun shari'a, kuma su za su nuna muku inda za ku shigar da buƙatar. A wannan halin ku sanar da darakta tun ranar, don ya san yadda zai yi da sunan kafin a rufe jeri.

5. Kwafi, hoto, da miƙa dosiye

Ta asali ba ta kwana a makaranta. Ku yi fotokofi mai fitowa sosai, wanda lamba da hatimi ke karantuwa, ku kai a buga masa tambur da hatimin shaida cewa daidai yake da na asali. Ana yin haka a ma'aikatar magajin gari, kuma dole ku riƙe ta asalin a hannu don jami'i ya gwama. Tunda kun riga kun bi layi, ku yi kwafi uku ko huɗu a lokaci guda: ɗaya na dosiyen jarrabawa, ɗaya na kwaleji, sauran na ajiya.

Hoto ya zama na bana. Hoton da aka ɗauka yaro yana CE1 ba zai yi ba, don da shi mai gadin jarrabawa zai gane fuskarsa. A bayan kowane hoto ku rubuta sunan yaron da fensir. Aji mai yara da yawa, hotuna kan cakuɗe a teburin malami.

Idan aka nemi kuɗin rajista, ku tambayi adadin a gaban jama'a, a taron ƙungiyar iyayen yara ko wurin ƴan kwamitin kula da makaranta, ku biya, ku karɓi rasi. Ku kuma bambanta kuɗin hukuma da gudummawar da iyaye suka yanka wa kansu, kamar ta karatun yamma. Ku miƙa dosiye hannu da hannu. Kada a ba yaro ya sa cikin jakar littattafai, inda zai kwana uku tare da ragowar ƙosai. Ranar da kuka miƙa ku rubuta ta a ɗan littafinku, da sunan wanda ya karɓa.

6. Ku koma ku duba jerin masu jarrabawa

Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, don an ɗauka an gama. Sunayen da makaranta ta kai ana sake buga su a na'ura, kuma mai bugawa yana da ɗaruruwan sunaye a gabansa. Harafi na iya faɗuwa, 12 na iya zama 21, ana iya tsallake layi ɗungum. Ku tambayi darakta yaushe jerin zai dawo makaranta, ku je da kwafin takardar haihuwa, ku sake duba abubuwa biyar ɗin nan na mataki na 4. Gyara a wannan lokacin magana ce tsakanin darakta da ofishin sufeto. Bayan an buga satifika kuwa, ya zama rubuta takardar roƙo da jira.

Idan sunan bai fito ba sam, kada ku yi faɗa a tsakar makaranta. Ku nuna rasi da ranar da kuka miƙa, ku roƙi darakta ya bi sawu a ranar, ku dawo washegari ku ji.

7. Kwanakin jarrabawa

Game da karatu, abin da zan ce kaɗan ne. Faransanci da lissafi su ne ƙashin bayan jarrabawar. Yaron da ke iya karanta shafi ɗaya da ƙarfi ya kuma faɗa muku da Hausa abin da ya karanta, yana kan hanya. Wanda ke tuntuɓe a kowane layi, ku gaya wa malaminsa tun zangon farko. A watannin ƙarshe a rage wa ƴan mata talla da ɗibar ruwan yamma, a rage wa maza aike.

Kwana ɗaya ko biyu kafin a fara, ku raka yaro ya ga cibiyar da aka tura shi, ya nemo ajinsa da lambar teburinsa, ya haddace ta. Ku rubuta lambar a littafinku, da ita za ku nemi sakamako. Daren ranar a haɗa katin ɗan makaranta, biro biyu masu shuɗin tawada da aka gwada, fensir, magogi, rula da kayan awon zane. Ya karya kumallo da abin da cikinsa ya saba, ya tafi da ruwa, ya isa da wuri. Lokacin damina ya kama, don haka idan akwai kwari tsakaninku da cibiyar, ya kwana wurin dangi a ɗaya gefen. Waya kuwa a bar ta gida.

8. Sakamako ya fito: wace kwaleji?

Ku duba sakamako da lambar tebur da cikakken suna tare, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa a cibiya guda. Kada ku dogara da "an ce ya ci".

Cin jarrabawa abu ɗaya ne, sanin kwalejin da aka tura yaro wani abu ne, kuma na biyun kan zo daga baya, a cikin hutu. Hukumar ilimi ce ke raba yara, galibi zuwa kwalejin gwamnati da ke ɗaukar yaran makarantarsu ko unguwarsu. Darakta ne zai fara sani, saboda haka ku riƙe lambarsa, kada ku tafi gona ku ɓace har Oktoba. Da kun ji sunan kwalejin, ku je ku ga sunan yaron a jerin ƴan siziyam da idonku, ku kai kwafin takardar haihuwa da hotunan da kuka ajiye, ku tambayi irin tufafin makarantar kafin ku kai wa tela yadi. Ku karɓi takardar shaidar cin jarrabawa idan ta fito, ku yi mata kwafi, ku haɗa ta da ta haihuwa a jaka ɗaya.

Idan kuna son a canza masa kwaleji, saboda kun tashi daga unguwar ko za a mai da shi wani gari, ana rubuta takardar roƙo ne ta hannun hukumar makarantun, a haɗa da dalili. Ku yi ta kafin a buɗe. Kada yaro ya zauna gida yana jiran amsa. Ya fara zuwa inda aka tura shi, don wanda ba a gani ba makonni ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya bar karatu. Masu niyyar kai yaro kwaleji mai zaman kanta su tabbata tana da izinin hukuma, su kuma sanar da inda aka tura shi tun farko.

Ga mutanen ƙauyen da ba kwaleji kusa, babbar magana ita ce masauki. Yara da yawa da suka ci jarrabawa a nan suke faɗuwa, musamman mata. Kada a bari sai daren buɗe makaranta a sa yaro a mota da buhun hatsi a ce ya sauka gidan wane. Ku je da kanku tun cikin hutu, ku zauna da mai gidan da matarsa, a yi magana a fili: ina zai kwana, me za ku riƙa aikowa na abinci kuma yaushe, wane aikin gida zai yi wane ne ba zai yi ba, wa za a kira idan ba shi da lafiya. Ku kai mai masaukin ya gaisa da hukumar kwalejin, a rubuta lambarsa a matsayin mariƙi.

9. Idan bai ci ba

Kafin a yanke komai, ku samu malamin CM2 ku tambaye shi inda yaron ya gaza. Yaron da makinsa na cikin shekara ke da kyau amma ya ruɗe ranar jarrabawa, ko ya yi rashin lafiya, maimaita aji ya fi masa, kuma darakta zai gaya muku ko shekarunsa sun ba da damar haka. Ku nemi gurbinsa tun kafin a buɗe, don ajin CM2 kan cika. Wanda ya riga ya girma, ya maimaita a baya, kuma hankalinsa ya fi karkata ga aikin hannu, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati, CFM, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur da makamantansu. Ku je ku ga wace sana'a ake koyarwa a ta kusa da ku kafin ku rubuta sunansa, domin ba kowace cibiya ke da kowane fanni ba. Su ma za su nemi kwafin takardar haihuwa da hotuna, da takardar shaidar cewa ya kai CM2, wadda daraktan makarantarsu zai rubuta muku.